Bulo, Kankare ko Roba: Zaɓen Bangon Tankin Najasa da Sokawe a Gidan da Ke da Rijiya

A bakin yawancin mutane, duk ramin da ruwan ban-ɗaki ke shiga sunansa sokawe, kuma wannan haɗa sunan da ake yi shi ne tushen kurakurai da yawa a wajen gini. Ramuka biyu ne, kuma ayyukansu kishiyoyin juna ne. Na farko tanki ne da ake so ya riƙe ruwa kamar tulu, ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba, domin ƙazanta mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan da ke tsakiya ya wuce gaba. Na biyu shi ne sokawe na ainihi, wanda aka gina domin ya saki wannan ruwa cikin ƙasa a hankali. Saboda haka bangon da ya dace da ɗaya bai dace da ɗayan ba, kuma mai gidan da bai raba su a ransa ba yana iya biyan kuɗin tankin da ke yoyo da sokawen da ba ya shan ruwa, alhali rijiyar da iyalinsa ke sha tana 'yan taku kaɗan daga wurin.

Domin kwatancin ya tsaya a kan wani abu da ake iya aunawa, bari mu ɗauki gida mai mutum 10, inda kowa ke zubar da kimanin lita 100 a rana, idan aka haɗa ban-ɗaki da wanka da wanke-wanke. Ruwan yini ɗaya ya zama lita 1,000, kuma tanki yana bukatar riƙe shi aƙalla awa 24 kafin ya fita. Taɓon da ke kwantawa a ƙasa ana lissafa shi a kan kimanin lita 40 ga kowane mutum a shekara, don haka idan za a riƙa kwashewa duk shekara 3, sai a ƙara lita 1,200. Tanki mai tsawon mita 2.4 da faɗin mita 0.9 daga ciki, da zurfin ruwa mita 1.2, yana ɗaukar kusan lita 2,600, wanda ya wadatar har da rara. Ana raba shi gida biyu, ɗakin farko ya ci kashi biyu cikin uku na tsawon, a bar sarari na santimita 30 tsakanin saman ruwa da murfi, kuma bututun fita ya yi ƙasa da na shiga da kimanin santimita 7 ko 8. Wannan tanki zai zauna cike da ruwa har bakin bututun fita duk tsawon rayuwarsa, wato ruwa yana tura bangonsa daga ciki dare da rana, ƙasa kuma tana tura shi daga waje, sannan duk ranar da aka kwashe shi turawar waje ce kaɗai za ta rage. Bangon da za a zaɓa dole ya jure wa duka halayen biyu.

Bulon siminti shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, domin kowane magini ya san shi, ba ya bukatar katakon zuba, kuma ana iya gina tanki da shi a kowane irin lungu. Sai dai a san cewa bulo ba ya riƙe ruwa. Duk wanda ya taɓa zuba ruwa a kan bulo ya ga yadda yake shanye shi nan take ya san haka, kuma kowane layin siminti da ke tsakanin bulo da bulo wata kafa ce da ruwa zai iya bi. Tankin bulo filastarsa ce ke riƙe ruwa, bulon kuwa aikinsa ya tsayar da filastar ba tare da motsi ba. Da zarar bangon ya ɗan gusa, ko da kaurin farce ne, filastar za ta tsage, kuma tsagar da ke ƙarƙashin ruwan najasa ba wanda zai gan ta. Shi ya sa bulo mai inci 6 da kogonsa a buɗe ba shi da gurbi a wannan aiki ko kaɗan. Idan bulo za a yi, to mai inci 9 ne, a dasa rodi a tsaye tun daga daɓen kankaren ƙasa ya bi ta cikin kogunan, a riƙa cika kogunan da kankare bayan kowane layi biyu ko uku ana tsattsaga shi da sanda don ya sauka, sannan a ɗaure saman da zagayen kankare mai rodi. Bulon da aka cika haka yana yin aiki mai kyau a ƙasa mai tauri wadda ruwan ƙasa bai kai gindin tankin ba. Jan bulo da aka ƙona sosai ma yana yi, kuma ya fi bulon siminti jure wa tsamin najasa, amma layukansa sun fi yawa, don haka dogaronsa ga filasta bai ragu ba.

Kankare mai rodi da aka zuba a wurin shi ne, a ganina, zaɓin da ya fi dacewa ga duk gidan da ke shan ruwan rijiya, kuma dalilina shi ne a nan jikin bangon da kansa ne ke riƙe ruwa, filasta ƙari ce kawai. Bango mai kaurin santimita 15, da haɗin da bai gaza siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4 ba, yana jure wa turawar ƙasa mai laka da ke kumbura da damina ta tsuke da rani, irin motsin da ke karya bangon bulo. Amma kankare yana da sharuɗɗansa, kuma wanda aka zuba da sakaci ya fi bulo mai kyau yoyo. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara ruwa a cikin kwaɓin don ya yi saurin gangarawa cikin katako, domin ruwan da ya wuce bukatar siminti yana bushewa ya bar ƙananan kafofi a jikin bangon. Na biyu shi ne rashin girgiza kwaɓin, wanda ake gane shi ranar cire katako idan aka ga wurare masu ramuka kamar saƙar zuma, da tsakuwa a fili. Na uku shi ne barin rodi kusa da fuskar bango. A cikin tanki ya kamata kankare ya rufe rodi da santimita 4 zuwa 5, idan ba haka ba danshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Bayan zubawa kuma sai an riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7.

Akwai wani abu da ke cin bulo da kankare duka, wanda ba kasafai ake lura da shi ba sai aiki ya lalace. Najasar da ke ruɓewa ba tare da iska ba tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma idan wannan iska ta taru a sararin da ke saman ruwa, ƙwayoyin halitta da ke zaune a jikin bango mai danshi suna mayar da ita tsami mai ƙarfi da ke narkar da siminti. Shi ya sa tsohon tanki yake fara lalacewa daga sama: ƙarƙashin murfi da bangon da ke saman layin ruwa su yi laushi har a iya kankare su da ƙusa, alhali sashen da ke nutse yana nan lafiya. Maganin shi ne bututun fitar da iska da ya haura saman rufin gida, da shafa kwalta ko fenti mai jure tsami a wannan sashe na sama. Wannan iska kuma tana kisa cikin ɗan lokaci kaɗan, don haka ba a shiga tankin da ya riga ya fara aiki, ko da an kwashe shi, ba tare da kayan numfashi da masu tsaro a bakin rami ba.

Zoben kankare da ake jerawa, irin wanda ake ɗaure rijiya da shi, yana da sauri kuma siffarsa ta da'ira tana jure turawar ƙasa, amma kowace mahaɗa tsakanin zobe da zobe wurin yoyo ce, kuma siminti zalla ba ya daɗewa a wurin sai an haɗa da abin liƙi mai laushi. Ya fi dacewa da sokawe fiye da tanki.

Tankin roba da aka ƙera musamman don binnewa ya kawar da matsalar yoyo da ta tsami gaba ɗaya, tunda jiki ɗaya ne babu mahaɗa, kuma ana iya girka shi cikin yini. Rauninsa rashin nauyi ne. Tanki mai lita 3,000 da ba komai a cikinsa, idan ruwan ƙasa ya kewaye shi, ana tura shi sama da ƙarfin da ya kai tan 3, shi kuwa nauyinsa ɗan kaɗan ne daga wannan. Idan aka kwashe shi a tsakiyar damina a wuri mai danshi, yana iya tasowa ya karya bututunsa, ko kuma gefensa ya lotsa ciki. Wanda ya zaɓe shi a irin wannan ƙasa dole ya ɗaure shi a kan daɓen kankare, ya riƙa cika shi da ruwa daidai da yadda ake mayar da yashi a kewayensa, kuma ya hana mota bi ta kansa. Tankin ajiye ruwan sha da ake ɗorawa a sama ba a yi shi don ya ɗauki nauyin ƙasa ba, kuma binne shi a matsayin tankin najasa asarar kuɗi ce.

Ko bulo aka zaɓa ko kankare, wuraren da ruwa ke fita kusan ba sa canzawa. Na farko shi ne kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, domin ana zuba daɓe yau a tayar da bango bayan kwana biyu, kuma sabon kankare ba ya kama tsoho sai an taimaka masa. Ana karce fuskar daɓen, a wanke ta, a shafa mata ruwan siminti mai kauri kafin a ɗora bango, daga baya kuma a cike kusurwar da siminti a yi mata lanƙwasa kamar gindin kwano, don kada a bar kusurwa mai kaifi. Na biyu shi ne inda bututu ya ratsa bango. Bututun roba yana da santsi, siminti ba ya manne masa, kuma idan ƙasar da aka mayar a waje ta zauna sai ta danne shi ta buɗe wata siririyar kafa a kewayensa. Ana magance wannan da goge wurin da takardar yashi, a shafa gam a barbaɗa busasshen yashi ya kama kafin a binne shi a bango, ko a sa zoben roba da aka yi don haka. Filastar ciki kuwa siminti 1 ne ga yashi 3, a yi ta shafi biyu da jimillar kaurinsu ya kai santimita 2, a karce na farko kafin a ɗora na biyu, a goge na ƙarshe da ƙarfe ya yi sumul. Garin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓi yana taimakawa, amma ba ya rufe tsaga.

Na taɓa tsayawa a bakin wani tanki da ake gab da rufewa, na ga magini ya yi bango mai kyau ya yi filasta mai sheƙi, amma a tsakiyar daɓen ya bar wata kafa mai faɗin tafin hannu biyu da ƙasa ke leƙowa ta cikinta. Da mai gidan ya tambaye shi, sai ya ce, "Maigida, ai na bar masa wurin numfashi ne don kada ya yi saurin cika, ya riƙa cin kuɗin kwasa." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ya yi imanin taimako ya yi. Amma wannan kafa ta mayar da tankin ramin da ke tura ɗanyar najasa kai-tsaye cikin ƙasa daga wuri mafi zurfi, inda ya fi kusa da ruwan da rijiya ke ɗiba. Sai da aka toshe ta da kankare aka sake filastar daɓen.

Gwajin da ke raba gardama ba ya bukatar komai sai ruwa da haƙuri, kuma ana yin sa kafin a mayar da ƙasa a bayan bango idan tsarin bangon zai iya ɗaukar nauyin, domin a ga inda danshi ke fitowa. Ana cika tankin har bakin bututun fita, a bar shi awa 24 bango ya sha ya ƙoshi, a ƙara ruwa ya koma matsayinsa, a ja layi da fensir, a rufe da katako saboda rana, sannan a dawo bayan wasu awa 24. A tankinmu mai mita 2.4 da 0.9, saukar santimita 1 kaɗai na nufin lita 21 da ɗoriya sun fice a yini, wato kusan lita 8,000 a shekara. Tankin da ya riga ya daɗe yana aiki kuwa, ana gane yoyonsa idan aka buɗe murfi aka tarar ruwan yana ƙasa da bakin bututun fita. Idan kuma ruwan ya haura bututun, matsalar tana wajen sokawe.

A sokawe, ƙasa ce ke yin aikin, bango kawai yana hana ramin ruftawa. Ana jera bulo ko jan bulo a da'ira ana barin tazarar yatsu biyu ko uku a tsaye tsakanin kowanne ba tare da siminti ba, ko a yi amfani da zobe mai huji, sannan a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 15 ko fiye a bayan bangon don kada ƙasa ta kwararo ciki. Mita ɗaya na sama shi ne ake ginawa a rufe a yi masa filasta, domin ya ɗauki murfi ya kuma hana ruwan sama shiga. Ramin da aka cika da manyan duwatsu ba tare da bango ba ya fi sauƙi kuma ba ya ruftawa, sai dai duwatsun suna cinye sararin ajiyar ruwa, kuma ranar da ya toshe babu hanyar wanke shi. Gindin sokawe yana toshewa da wuri saboda taɓon da ke kwantawa, don haka a lissafi gefensa kaɗai ake ƙidayawa.

A nan ne lissafin gidanmu ke nuna abin da ido ba ya gani. Ƙasa mai yashi tana iya shan kimanin lita 50 a kowace murabba'in mita a rana, mai yashi gauraye da turɓaya kimanin 30, laka kuwa da ƙyar ta kai 10. Idan ƙasar gidan ta tsakiyar ce, lita 1,000 na bukatar kusan murabba'in mita 33 na gefen rami. Rami mai faɗin mita 2 yana da kewayen mita 6.3, don haka zai bukaci zurfin mita 5.3 a ƙarƙashin bututun shiga. To amma a ce ruwan rijiyar gidan yana tasowa zuwa mita 6 daga doron ƙasa a ƙarshen damina. Dole a bar aƙalla mita 1.5 na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin sokawe da wannan ruwa, domin a wannan shimfiɗa mai iska ne ƙwayoyin cuta ke maƙalewa su mutu, kuma da zarar sun shiga ƙasar da ta cika da ruwa sai su yi tafiya mai nisa. Ke nan gindin ba zai wuce mita 4.5 ba, kuma idan bututu ya shigo a mita 0.7, abin da ya rage mita 3.8 ne, wato murabba'in mita 24, wanda bai isa ba. Maimakon a ƙara zurfi, sai a haƙa ramuka biyu masu zurfin aiki na mita 2.7 kowanne, da tazarar da ta kai ninki uku na faɗinsu a tsakani, ko kuma a shimfiɗa bututu mai huji a cikin dogayen ramuka marasa zurfi da aka cika da tsakuwa. Idan gefen tsakuwar ya kai santimita 60, kowace mita ta tsawo, idan aka haɗa gefe biyu, tana ba da murabba'in mita 1.2, don haka mita 28 ta wadatar. Ga gida mai rijiya, wannan tsari na ƙarshe ya fi aminci idan akwai fili, tunda yana sakin ruwan a sama, nesa da ruwan ƙasa.

Tazarar da aka fi sanyawa a ƙa'idojin gini na ƙasashe da dama ita ce mita 15 tsakanin rijiya da tankin da ba ya yoyo, da mita 30 tsakaninta da sokawe, kuma inda dokar wuri ta nemi fiye da haka, ita ake bi. Bambancin lambobin biyu ya dogara ne kacokan a kan amincin bango: tankin da ya faɗi gwajin ruwa sokawe ne a aikace, kuma mita 30 ce ta hau kansa. Ana aunawa daga gefen rami mafi kusa, ana kuma haɗawa da rijiyar maƙwabci, domin ruwan ƙasa bai san katanga ba. Sokawe ya kasance a gangaren rijiya, ba a samanta ba, ko da yake rijiyar da ake jan ruwanta sosai da injin tana janyo ruwa daga kowane ɓangare, har daga wajen da ke gangare. Kuma mita 30 an yi ta ne don ƙasa mai laushin ƙwaya da ke tacewa. A wurin da ke da tsakuwa zalla, ko dutse mai tsaga, ko farar ƙasa mai koguna, ruwan najasa yana bin kafa kamar a bututu ya yi tafiyar da ta ninka haka ba tare da an tace shi ba.

Rijiyar ma tana da nata kason kariyar. Mita 3 na samanta ya kamata a rufe su da kankare ba tare da kafa ba, a yi mata daɓe mai gangara a kewaye, rijiyar burtsatse kuma a cike bayan bututunta da siminti a sashen sama. Gani da ɗanɗano ba sa nuna gurɓata, domin ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da cuta, don haka sai an kai samfuri ɗakin gwaji, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna gurɓatar bayan gida, ko ɗaya a cikin mililita 100, kuma sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Naitiret ba ya tacewa a ƙasa kamar ƙwayoyin cuta, don haka hauhawarsa daga gwaji zuwa gwaji alama ce cewa ruwan sokawe ya fara isowa.

Idan ƙasa tana da tauri, ruwan ƙasa yana da zurfi, kuma fili ya ba da mita 30, bulo mai inci 9 da aka cika ya kuma ci gwajin ruwa ya isa. Idan ƙasar laka ce mai motsi, ko ruwan damina yana kai gindin tanki, ko tankin zai zauna daidai kan iyakar mita 15, kankare mai rodi ne ya kamata, ko tankin roba da aka ɗaure a daɓe inda ba a sami wanda ya iya zuba kankare da kyau ba. Inda filin ya yi ƙanƙanta har mita 30 ba za ta samu ba ta kowace kusurwa, to kada a haƙa sokawe: a gina tanki rufaffe mai girma da mota za ta riƙa kwashewa, ko a fitar da ruwan ta bututu zuwa sokawe mai nisa, ko kuma a daina shan ruwan wannan rijiya a nemi na sha daga wani wuri.